Yadda ake amfani da "kai" da "ke" a rubutacciyar waƙa ba tare da zargi ko duhun ma'ana ba

Waƙar da aka rera a ƙauye ba ta samun sutura irin wadda take samu a birni. Idan mai waƙa ya tashi a wurin saukar karatu, ko taron manoma, ko ranar bayar da kyaututtuka a makarantar firamare ta wani gari a ƙasar Gumel ko Bichi, ya ce "kai ka sayar da abincin 'ya'yanka," kafin ya kai ƙarshen baitin idanun jama'a sun riga sun zaɓi wanda ake nufi, domin kowa ya san gonar kowa, ya kuma san rumbun da ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka. Mai waƙar ya fito da niyyar nasiha, amma abin da aka ji habaici ne. Idan kuma tsoron haka ya sa ya janye jiki, ya riƙa cewa "kai ka duba, kai ka lura" ba tare da an san da wa yake ba, sai waƙar ta wuce ta saman kowa. Hanyar kauce wa matsalolin biyu ɗaya ce: kowane "kai" da ke cikin waƙa dole ne ya kasance da mai shi, kuma marubucin ne zai san shi tun kafin ya ɗora alƙalami.

Za mu bi aikin da misali guda, wato waƙa a kan sayar da hatsi da kaka. Gero yana shigowa gida wajen watan Satumba, dawa kuma ta biyo baya, farashi ya faɗi saboda kowa ya fito da nasa, 'yan kasuwa su saya su tara, sannan idan marka ta zo a watan Agusta manomi ya koma yana sayen abin da ya noma da tsada. Jigo ne mai kyau, amma mai saurin taɓa mutuncin magidanci, saboda haka ya dace da wannan darasi.

Mataki na farko: rubuta wanda kake magana da shi a gefen takarda

Kafin baitin farko, ka rubuta jimla ɗaya wadda ba za ta shiga waƙar ba: da wa nake magana? "Da mutane" ba amsa ba ce. Amsar da za ta yi aiki ita ce irin wannan: "da magidanci mai gona ɗaya da iyali masu yawa, wanda ya ci bashin taki da damina, kuma mai bashin yana jiransa da kaka." Da zarar ka rubuta haka, za ka ga kalmomi irin su "rago" da "almubazzari" sun daina dacewa da kansu, domin mutumin da ka siffanta ba lalaci ne ya kai shi kasuwa ba.

A ƙarƙashin wannan jimla ka ƙara ta biyu: ni wane ne a wurinsa? Wannan tambaya tana da nauyi a wurinmu, saboda maganar da malami zai faɗa wa almajiri, ko yaya ga ƙane, ba ita ce saurayi zai faɗa wa sa'an mahaifinsa ba. Waƙoƙin wa'azi da muka gada tun ƙarni na 19 suna yin umarni da hani kai tsaye, kuma jama'a suna karɓa, domin masu su malamai ne da aka sallama wa matsayin yin hakan, kuma hukuncin da suke faɗa suna jingina shi ga shari'a. Ɗalibin sakandare da ya ari wannan murya ya fuskanci dattawan garinsu da ita, ko da gaskiya ya faɗa, rashin kunya za a fara ji kafin a ji gaskiyar. Idan kai ƙarami ne ga wanda kake nufi, ka kira shi "Baba" ko "Malam," ka yi amfani da "ku" na girmamawa, ka kuma mayar da umarni ya zama roƙo ko tambaya. Idan tsaranka ne, "ɗan'uwana" ko "abokina" ya wadatar.

Mataki na biyu: zaɓi wakilin suna, kana sane da wanda ya bari a waje

Hausa ba ta barin mai waƙa ya ɓuya. Idan ka ce "kai," namiji ɗaya ka nuna. Idan ka ce "ke," mace ɗaya. A waƙarmu ta hatsi, "kai" ya dace idan da magidancin da ke yanke shawarar sayarwa kake, amma ka sani ka bar matan da suka yi sussuka da shiƙa, waɗanda su ne ke fara ganin kwano ya ragu. Babu laifi a bar su a wannan baiti, muddin da sani aka yi.

Masu koyo da yawa suna gudu zuwa "ku" suna zaton ya fi sauƙi, alhali "ku" na jam'i ya fi "kai" saurin zama zargi, domin yana raba wuri gida biyu: mai waƙa a gefe guda da tsarkinsa, masu laifi a ɗaya gefen. "Ku manoma kun lalace," "ku matan zamani," "ku makiyaya," duk suna ɗora laifin wasu a kan jinsi ko sana'a ko ƙabila gaba ɗaya, kuma a wurin da manomi da makiyayi ke shan ruwan rijiya ɗaya, baiti irin wannan yana iya barin tabon da zai daɗe bayan an manta da waƙar. Ni dai shawarata ita ce a ajiye "ku" na jam'i don kira da gaisuwa da addu'a, kamar "ya ku jama'a, ku saurara," a guji rataya masa laifi.

Mataki na uku: duba lokacin aikatau da ke biye da "kai"

A nan ne yawancin gyaran yake, saboda haka zan daɗe a kansa. Ga zubin farko, ƙwar biyu, kowane ɗango da gaɓa 8:

Ka sayar, ka cinye kaka,
Yanzu sai roƙo, halinka.
Kai ragon banza, ka gane,
Babu mai cuta kamarka.

Karin ya zauna, amsa-amon ya fito, amma wannan zambo ne, kuma ana iya nuna wuraren da ya zama zambo ɗaya bayan ɗaya. "Ka sayar, ka cinye" shuɗaɗɗen lokaci ne: aiki ya riga ya faru, mai waƙa ya tabbatar da shi a gaban shaidu, wanda ake magana da shi ba shi da sauran abin yi sai kare kansa. "Halinka" ya ɗauke maganar daga aiki guda ya mayar da ita ɗabi'a. "Kai ragon banza" kuwa hukunci ne a kan mutumin kansa. Mutum yana iya sauraron wanda ya ce masa ya yi kuskure, amma da wuya ya saurari wanda ya gaya masa shi wane iri ne. Haka "kakan" da "kullum kana" suke aiki, domin su ma suna mayar da abin da ya faru sau ɗaya ya zama hali.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba, wato amsa-amon. "Ka" harafi ne mai sauƙin samu, gidanka, hannunka, ranka, cikinka, shi ya sa masu koyo suke son gina waƙa a kansa. Amma idan kowane baiti ya ƙare da "-ka," kuma jigon gyaran hali ne, to duk inda murya ta sauka a kan mutumin take sauka, sau ashirin ko talatin a jere. A waƙar yabo ko ta bege wannan ƙawa ce. A waƙar nasiha ya fi kyau ka nemi wani harafin, ka bar "-ka" a tsakiyar ɗango inda ba ta da nauyin rufewa.

Gyaran yana da hanyoyi uku, kuma ana iya haɗa su a waƙa ɗaya. Ta farko ita ce a mayar da laifin da ya shuɗe zuwa "mun" ko "an." Sa'ar da mai waƙar Hausa ya yi ita ce wannan sauyi ba ya karya kari: "ka" na shuɗaɗɗen lokaci dogon wasali gare shi, gaɓa ce mai nauyi, daidai da "mun" da "an" da "kun" da "kin," don haka "ka sayar" da "mun sayar" awonsu ɗaya. Haka ma "kana" da "muna" da "ana," ko "za ka" da "za mu." Sai dai sharaɗi ne "mun" ɗin ya zama gaskiya. Ma'aikacin da ke karɓar albashi, wanda bai taɓa ɗaure dami ba, idan ya ce "mun sayar," masu sauraro za su ji ƙaryar nan take. Shi "an" ya fi dacewa da shi. Hanya ta biyu ita ce a sa "kai" cikin sharaɗi ko lokaci mai zuwa, "in ka," "ran da ka," "kafin ka," domin waɗannan suna barin ƙofa a buɗe, aikin bai faru ba tukuna, mai sauraro yana da zaɓi. Ta uku ita ce a ba laifin wani mai aikatawa na gaskiya, kamar bashi ko farashi ko buhun kansa. Ga zubi na biyu:

Ɗan'uwana, kai manomi,
Duk guminka, ni na shaida.
Na sani bashi yake ja,
Mun sayar, tilas mu yarda.
In buhu ya kai Dawanau,
Kan ya dawo, ya yi tsada.
In ka auna, ware kwano,
Tanadi shi ma ibada.

Ka lura da inda "kai" ya bayyana. A baitin farko ya zo tare da kira na zumunci da shaidar wahala, wato abin da mutumin zai yarda da shi ba gardama. A baiti na biyu, inda laifin yake, "kai" ya janye, bashi ya ɗauki jan, "mun" ya ɗauki sayarwar. A na uku babu mutum ko ɗaya, buhu ne ya tafi babbar kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano ya dawo da tsada, kuma wannan ita ce hujjar waƙar. Sai a na huɗu "ka" ya dawo, cikin sharaɗi, da buƙata ƙarama wadda ake iya aikatawa. Gaskiyar da zubin farko ya so faɗa ba ta ragu ba: sayarwa da kaka tana jawo saye da tsada. Abin da ya sauya shi ne mutumin yana iya jin ta a gaban maƙwabtansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Wannan ba ya nufin a daina faɗa wa mai laifi laifinsa. Akwai waƙar da aikinta tuhuma ne, kamar wadda ake yi wa mai tauye mudu ko mai cin gonar marayu, kuma a can "ka tauye" shi ne daidai. Abin gudu shi ne tuhumar da marubuci bai yi niyya ba, wadda ta shigo ta hanyar nahawu kawai.

Mataki na huɗu: ba "kai" jiki, amma kada ka ba shi adireshi

Wanda ya ji tsoron zubin farko yakan faɗa cikin irin wannan:

Kai ka duba duniyar nan,
In ka lura za ka gane.

Babu wanda zai ji haushi, babu kuma wanda zai ji an yi magana da shi. Wane ne "kai"? Me zai duba? Me zai gane? Ana iya ɗaukar wannan baiti a sa shi a waƙar aure ko ta siyasa ko ta mutuwa ba tare da an canja harafi ba, kuma wannan ita ce alamar duhu mafi sauƙin ganewa. Maganinsa shi ne a ba mutumin abin da hannunsa ke riƙe da shi, da wurin da yake tsaye, da lokacin shekara: fartanya, kwanon awo, bakin rumbu, hantsin kaka, daren marka.

Amma a ƙauye bayani iri biyu ne, kuma dole a rarrabe su. Akwai wanda mutane da yawa suka yi tarayya a cikinsa, kamar bashin taki, da kuɗin asibiti, da auren 'ya da ke tafe bayan kaka; wannan yana sa kowane mai sauraro ya ga kansa. Akwai kuma wanda ke nuna gida ɗaya, kamar "kai mai jan babur," ko "kai da gonarka ke bayan makabarta," ko "kai da ka ƙara aure bara". Wannan yana sa kowa ya ga mutum ɗaya. Na biyun shi ne gugar zana, ko da ba a ambaci suna ba. Gwajin da za ka yi mai sauƙi ne: ka ƙirga magidantan garinku da wannan siffa ta dace da su. Idan sun kai goma ko fiye, ka bar ta. Idan ɗaya ne ko biyu, ka cire ta, duk daɗin da ta yi a kari. Gaskiya ne mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma ba za ka iya hana wani tsarguwa ba, amma bai kamata kai ne za ka nuna wa jama'a aljihun ba.

Mataki na biyar: kada "kai" ya sauya mai shi a ɓoye

Babban dalilin duhu a doguwar waƙa shi ne wakilin suna ɗaya ya yi wa mutane da yawa aiki. Al'adar waƙarmu tana buɗewa da ambaton Allah da salati, saboda haka a mabuɗi "Kai" Ubangiji ne: "Kai ka ba mu ruwa." Idan baiti na gaba ya fara da "ka sayar" ba tare da sabon kira ba, kunnen mai sauraro yana nan inda aka bar shi, kuma wannan kuskure ne mai muni wanda dole a kiyaye. Haka idan daga manomi za ka koma kan ɗan kasuwa, ko kan duniya, ko kan zuciyarka.

Dokar ita ce duk lokacin da wanda ake magana da shi ya sauya, a sanar da kira a farkon baiti, kamar "Sai gare ka, mai ma'auni," kuma kada a yi sauyin a tsakiyar baiti. Idan waƙar tana da amshi, ka bar shi ya zama iyaka tsakanin mutum da mutum. Jinsi ma yana taimakawa: duniya da zuciya da yunwa da damina duk "ke" ake ce musu, saboda haka idan ka juya daga manomi zuwa "ke yunwa" ko "ke zuciyata," nahawun kansa ya sanar da sauyin. Wannan juyi yana da wani amfani, domin magana mafi zafi a waƙa ana iya faɗa wa yunwa ita, ko mai waƙa ya faɗa wa zuciyarsa, kowa ya ji ya ɗauki rabonsa ba tare da an fuskance shi ba.

Mataki na shida: gyara "ka" mai fuska biyu a rubuce

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Ka sayar" a takarda yana iya zama labari, wato ka riga ka sayar, yana kuma iya zama umarni, wato je ka sayar. A baki ba sa rikicewa, domin na farko dogo ne da sauti sama, na biyu gajere da sauti ƙasa, amma mai karatu a waya ko a littafi ba ya jin muryarka. "Ka gane" a zubinmu na farko haka yake. Matsalar ta namiji tilo ce kawai, tun da "kin" da "ki," da "kun" da "ku," sun bambanta a rubuce. Ka bi kowane "ka" da ke farkon ɗango, idan yana karɓar karatu biyu ka ƙara kalmar da za ta tsayar da shi: "ai ka," "ka riga ka," ko "jiya ka" don abin da ya wuce, "sai ka," "don ka," ko "daure ka" don buƙata, ko kuma ka yi umarnin ba tare da wakilin suna ba, kamar "ware kwano."

Mataki na ƙarshe: gwaji da alƙalami da kunne

Ka ɗauki takardar ka zagaye kowane kai, ka, -ka, maka, naka, da takwarorinsu na mace da na jam'i. A gefen kowanne ka rubuta mai shi. Wanda ka kasa rubuta masa mai shi, ko dai ka ba shi kira, ko ka mayar da shi "a" ko "mutum" ko "duk wanda." Sannan ka sake bi ka sa alama a inda "kai" ya haɗu da shuɗaɗɗen laifi ko da sunan hali, ka tambayi kanka ko da niyya ka yi.

Bayan haka ka rera waƙar ga mutum biyu, kowanne shi kaɗai, ɗaya daga cikin irin waɗanda kake nufi, ɗaya kuma wanda ba ya cikinsu, misali wani manomi dattijo da wata malamar Islamiyya. Kada ka tambaye su ko ta yi daɗi, domin kara za ta sa su ce ta yi. Ka tambaye su, "Baba, da wa kuka ji ana magana a nan?" Idan ya ambaci sunan wani mutumin gari, akwai siffar da ta nuna gida ɗaya, ka nemo ta ka cire. Idan ya ce da kowa ake, ko ya yi shiru yana nema, "kai" ɗinka bai sami jiki ba, ka koma mataki na huɗu. Idan amsoshin mutanen biyu sun saɓa a kan wani baiti, a nan ne wakilin sunan ya sauya mai shi ba sanarwa, kuma kira ɗaya a farkon baitin yakan isa ya daidaita shi.